Me Ya Sa Sautin Bidiyonka Ke Hawa Da Sauka Duk Da Ma'auni Ya Ce Daidai Ne?

Duk mai kallon bidiyo a waya ya san wannan wahalar. Mai gabatarwa ya yi sallama da murya daidai kunne, sai a shiga hira da wani dattijo, murya ta nutse, ka danna maɓalli ka ƙure ƙara. Kana cikin kasa kunne sai kiɗan shiri ko talla ya faɗo maka da ƙarfin da zai tashi yaron da ke barci. Idan da iyafis kake saurare, abin har zafi yake yi. Mutane da yawa ba sa tsayawa su gano abin da ya dame su, wucewa kawai suke yi zuwa wani bidiyon, wanda ya sha rana ya ɗauko hirar kuma bai san dalili ba.

Masu haɗa bidiyo da dama sun riga sun ji cewa YouTube na son sauti a kan LUFS -14, kuma suna ɗauka idan manhaja ta nuna musu wannan lambar aiki ya ƙare. A nan ne kuskuren yake, domin lambar nan ta bidiyon gaba ɗaya ce, daga sallama zuwa ƙarshe. Ba ta faɗin komai game da tazarar da ke tsakanin guntun farko da na uku. Daidaita guntaye aikin edita ne, kuma shi ya kamata a fara yi kafin a waiwayi lambar dandali.

Sauti yana da awo iri biyu, kuma cakuɗa su ne tushen matsalar. Na farko shi ne ƙololuwa, wato wuri mafi tsini da sautin ya taɓa, ko da na ƙiftawar ido ne. Sandar nan mai kore da ja da ke tsalle a gefen manhajar haɗa bidiyo yawanci ita take nunawa. A sautin kwamfuta akwai rufi, ana kiransa sifili, duk abin da ya zarce shi sai a datse masa kai, murya ta fito a fashe tana karkarwa. Saboda rufin sifili ne ya sa lambobin duk suke ɗauke da alamar ragi: desibel -6 na nufin saura shida a taɓa rufi. Awo na biyu shi ne ƙarfin da kunne ke ji a tsawon lokaci. Ka ɗauki babbar mota da lodi: ƙololuwa ita ce tsayin kayan, ita ke nuna ko motar za ta wuce ƙarƙashin gada, ƙarfin sauti kuwa nauyin kayan ne. Mota mai ɗauke da sanda ɗaya doguwa da mota maƙare da buhuna za su iya zama tsayi ɗaya. Haka tari guda a tsakiyar hira mai sanyi zai iya kai sandar awo ja, alhali hirar da ƙyar ake jinta.

Shi ya sa umarnin `Normalize` na gargajiya, wanda ke ɗaga kowane guntu har ƙololuwarsa ta kai wani matsayi, ba ya magance komai. Kiɗan da aka matse a situdiyo da hirar da aka ɗauka a kasuwa za su iya tsayawa a ƙololuwa ɗaya, amma kiɗan ya fi hirar ƙarfi nesa ba kusa ba.

Gidajen talabijin sun daɗe suna fama da wannan, musamman kan tallace-tallace da ke fin shirye-shirye ƙara. A 2006 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idar awo mai suna BS.1770, wadda ke auna sauti kusa da yadda kunnen mutum ke jinsa. Kunne bai damu sosai da sauti mai kauri na can ƙasa ba, ya fi jin siraran sautuka, don haka ma'aunin yana rage wa masu kauri daraja, ya ƙara wa sirara, sannan ya ɗauki matsakaici. Sakamakon shi ake rubutawa da LUFS, Amurkawa kuma su rubuta LKFS, duk abu ɗaya ne. Taki ɗaya na LUFS daidai yake da desibel ɗaya, abin da ke sauƙaƙa lissafi: idan guntu yana -20 kana son ya koma -16, desibel huɗu za ka ƙara. A tuna cewa lambar da ta fi kusa da sifili ita ta fi ƙarfi, wato -14 ya fi -23 ƙara. Bambancin desibel goma kunne na jinsa kamar an ninka ƙara sau biyu, bambancin ɗaya ko biyu kuwa yawancin mutane ba sa lura da shi a cikin magana.

A 2010 Ƙungiyar Gidajen Watsa Labarai ta Turai ta kafa shawararta mai suna R128, wadda ta tsayar da shirye-shirye a -23. A Amurka an tsaya a -24, har majalisa ta yi dokar hana talla fin shiri ƙara, wadda ta fara aiki a Disamban 2012. Waɗannan lambobin na talabijin ne, inda ake kallo a falo da lasifika mai ƙarfi. Waya a hannu cikin A Daidaita Sahu wani abu ne dabam, lasifikarta ƙarama ce, hayaniya kuma ta kewaye mai saurare. Saboda haka dandalin intanet suka matsa sama. YouTube na amfani da -14, haka ma Spotify. Apple na neman -16 ga shirye-shiryen magana na fodkas. Netflix ta tsaya can ƙasa a -27, amma ita maganar 'yan wasa kawai take aunawa, don haka ba a jera lambarta da sauran kai tsaye. A game da ƙololuwa kuwa, yawancinsu sun haɗu a kan kada ta wuce -1, Netflix ta ce -2.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne abin da dandalin ke yi da ita. YouTube na auna bidiyonka dungurungum, ya fitar da lamba ɗaya. Idan ta fi -14 ƙarfi, sai ya rage ƙarar bidiyon duka da adadin da ya hau. Idan ta gaza, a tsarinsa na asali ba ya ɗagawa, yana barinta yadda take. Wanda ya matse sautinsa har -8 don ya fi kowa ƙara bai ci ribar komai ba, za a sauke shi da desibel shida, ya zauna daidai da kowa, ga kuma murya a matse babu numfashi. Wanda ya ɗora a -25 kuma zai zauna a ƙasa, tallan da zai biyo bayansa ya firgita masu kallo. Kowa zai iya dubawa da kansa: a kwamfuta, danna dama a kan bidiyon, zaɓi `Stats for nerds`, ka duba layin `Volume / Normalized`. Akwai kuma `Stable volume` a saitin kallo, wanda ke ƙoƙarin rage tazarar da ke tsakanin wuri mai sanyi da mai ƙarfi, amma mai kallo na iya kashe shi, kuma ba ya bin fayil ɗinka zuwa wani wuri. Ban ga dalilin da edita zai jingina aikinsa a kansa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an haɗa rahoton minti 12 kan farashin hatsi. Mai gabatarwa ya yi magana a ɗaki da makirufo a ƙirji, jimillar minti shida, awonsa -18. An yi hira da wani dattijo mai sayar da gero a kasuwa, minti huɗu, da makirufon kyamara daga nesa, awonsa -29. Wani manomi ya turo saƙon murya ta waya, minti ɗaya da rabi, ya kafa baki a kan wayar yana ɗaga murya, awonsa -11. Sai kiɗan buɗewa da rufewa, daƙiƙa talatin, a -9. Tsakanin dattijon da kiɗan akwai tazarar desibel 20, wato kunne zai ji kiɗan ya ninka muryar dattijon kusan sau huɗu.

Yanzu a auna bidiyon gaba ɗaya ba tare da an taɓa komai ba. Ma'aunin zai nuna kusan -15. Edita zai duba ya ce alhamdulillahi, saura ƙiris -14, ya ɗora. Ta yaya bidiyo mai irin wannan hawa da sauka ya ci jarrabawa? Dalili biyu ne. Na farko, matsakaicin da ake ɗauka na ƙarfin sauti ne, guntaye masu ƙara suna rinjayar lissafin ko da gajeru ne. Minti biyun manomi da kiɗa sun fi minti goman sauran nauyi a awon. Na biyu, ma'aunin yana da ƙofa da aka sa masa don kada shiru ya ja lambar ƙasa: yana fara ɗaukar matsakaici, sannan ya zubar da duk wurin da ya gaza wannan matsakaicin da fiye da desibel goma, ya sake lissafi. A misalinmu matsakaicin farko ya faɗo kusa da -16, ƙofar ta tsaya wajen -26, dattijon da ke -29 kuwa yana ƙasa da ita. Ma'aunin ya ɗauki yawancin hirarsa tamkar shiru ne. Hirar da aka je kasuwa dominta, ita ce ba a ƙirga ba.

Gyaran yana farawa da auna kowane guntu shi kaɗai. Manhajojin da aka fi amfani da su duk suna da hanyar yin haka. Audacity, wadda kyauta ce, tana da `Loudness Normalization`. DaVinci Resolve na da `Normalize Audio Levels`, inda za a zaɓi ƙa'idar BS.1770 maimakon ta ƙololuwa. Premiere Pro na da `Auto-Match` a cikin `Essential Sound`. Youlean Loudness Meter ma'auni ne da ake samun na kyauta, a jona shi cikin manhaja. Wanda ya saba da rubuta umarni kuma, ffmpeg zai ba shi awon fayil a layi ɗaya:

```
ffmpeg -i hira.mp4 -af loudnorm=print_format=summary -f null -
```

A cikin abin da zai fito, `Input Integrated` shi ne ƙarfin guntun duka, `Input True Peak` kuma ƙololuwarsa.

Sai a zaɓi inda za a tara kowa. Ga shirin magana irin wannan, ni -16 nake zaɓa, ko da YouTube za a kai shi. Desibel biyun da suka rage zuwa -14 mai kallo ba zai damu da su ba, amma suna ba muryar fili, suna kuma rage matsin da za a yi wa guntu mafi rauni. Lissafin a fili yake: mai gabatarwa a ƙara masa biyu, manomi a rage masa biyar, kiɗa a rage masa bakwai, dattijo a ƙara masa 13. Ukun farko aikin minti ɗaya ne. Ragewa ba ta da haɗari, sai dai a sani cewa idan muryar manomin ta riga ta fashe tun a wayarsa, rage ƙara ba zai ɗinke ta ba, za ta dai daina cizon kunne.

Dattijon ne aikin. A ce ƙololuwar guntunsa tana -8. Idan aka ƙara 13, za ta koma biyar a saman sifili, wato ta zarce iyakar -1 da desibel shida. Kafin a ɗaga, sai a buɗe zanen sautin a nemi tsinin da suka yi sama da sauran. Galibi kaɗan ne: inda aka bugi kyamara, inda ya yi dariya, inda babur ya yi ham. Waɗannan da hannu ake sauke su, kowanne shi kaɗai, desibel huɗu ko biyar, ba tare da an taɓa maganar da ke gefensu ba. Daga nan a sa `High-pass filter` a wajen haz 80 don a yanke gurnanin iska da na manyan motoci, wanda ke cin fili a banza tun da lasifikar waya ba ta ma fitar da shi. Sannan a sa `Compressor`, wato na'urar da ke dafe murya idan ta yi sama, a kan `3:1`, a saita ta yadda za ta riƙa cire desibel uku zuwa huɗu a kalmomi masu ƙarfi kawai. Bayan haka ne za a ɗaga guntun, a sake aunawa, domin dafewar ta ɗan sauke lambar. A ƙarshen layi a ajiye `Limiter` a kan -1 ya tare abin da ya kuɓuce. Idan ka ga yana cire fiye da desibel biyu ko uku a kai a kai, to an ɗora masa aikin da ba nasa ba, a koma baya a gyara.

Akwai iyakar da babu manhajar da za ta tsallake. Desibel 13 da aka ƙara wa dattijon, an ƙara wa janaretan maƙwabcinsa da hayaniyar 'yan dako su ma. Idan an matse da yawa, za ka ji hayaniyar tana kumbura duk lokacin da ya yi shiru don ya numfasa, ta janye idan ya ci gaba, kuma wannan kai-komon ya fi sanyin murya gajiyar da kunne. Manhajar rage hayaniya tana taimakawa kaɗan, idan aka zafafa sai murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. A irin wannan hali gara a bar dattijon a -18, a ɗora rubutun abin da yake faɗa a ƙasan hoto. Tazarar desibel biyu tsakaninsa da mai gabatarwa ba za ta sa kowa ya taɓa maɓalli ba.

Matsalar ma tun a kasuwa aka shuka ta. A fili, duk lokacin da ka rage tazarar makirufo da baki da rabi, murya na ƙaruwa da kusan desibel shida, hayaniyar nesa kuwa tana nan yadda take. Daga mita ɗaya zuwa santimita 25 an rage rabi sau biyu, an samu desibel 12 kyauta, kusan duk abin da muka sha wahalar nema a kwamfuta. Ƙaramin makirufon maƙalawa a riga, ko ma wata wayar da aka riƙe taki ɗaya daga bakin dattijon tana naɗa, da ya wadatar. Lokacin ɗauka kuma a bar ƙololuwa tana yawo wajen -12, don dariya ko ɗaga murya su samu wurin zuwa.

Bayan lambobi sun daidaita, kunne ne ke yanke hukunci, kuma wurin da ake saurare shi ne mahaɗa, inda guntu ke miƙa wa guntu. Kunna daƙiƙa biyar kafin mahaɗar da biyar bayanta, ido a rufe, hannu nesa da maɓallin ƙara. Murya biyu za su iya zama -16 a ma'auni amma ɗaya ta fi huda kunne. Saƙon waya musamman siriri ne mai kaifi, sau da yawa sai an ƙara sauke shi desibel ɗaya kafin ya zauna lafiya. A nan awon `Short-term` ke da amfani, wanda ke nuna ƙarfin daƙiƙa ukun da suka wuce. Idan yana yawo cikin desibel biyu ko uku sama ko ƙasa da inda ka nufa a duk inda ake magana, shirin ya daidaitu.

Kiɗan da ke ƙarƙashin magana lissafinsa dabam ne. Ba a kai shi -16, ana ajiye shi desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Editoci kan yi kuskure a nan saboda sun haddace maganar tun suna yankawa, suna jinta ko kiɗa ya danne ta. Mai kallo sau ɗaya zai ji, wataƙila kuma dattijo ne da kunnensa ya fara nauyi. Kiɗa mai waƙa a ciki ya fi muni, domin kalmomin mawaƙi na kokawa da na mai magana.

Wani tarko ƙarami da ke ɓata lissafi: sauti mai layi ɗaya idan aka zuba shi a hagu da dama, ma'auni zai nuna ya ƙaru da uku. Don haka a auna guntayen a yanayin da za su fita, kada a auna wani a layi ɗaya wani a layi biyu sannan a kwatanta.

Sai a ƙarshe ake auna shirin gaba ɗaya. Tun da an tara kowa wuri guda, lambar za ta faɗo kusa da -16 da kanta, kuma a wannan karon ta haɗa da dattijon. Idan ta kauce da ɗaya, a ɗaga ko a sauke babban maɓallin fita, kada a koma taɓa guntaye. A tabbata awon ƙololuwar da ake dubawa `True Peak` ne, wanda ke hango tsinin da ke ɓuya tsakanin ɗigon sautin da kwamfuta ta ajiye. Desibel ɗayan da ake bari a ƙarƙashin rufi yana da dalili: dandali na sake matse fayil ɗin zuwa nasa tsarin, kuma wannan matsewar kan ɗan ɗaga ƙololuwa. Sautin da ya tsaya daf da sifili a kwamfutarka zai iya fashewa a wayar mai kallo. Bayan an fitar da bidiyon, a sake auna fayil ɗin da ya fito, sannan a tura shi waya mai araha a saurara ta lasifikarta a waje, inda ake hayaniya, da ƙara a rabi.

Wannan gwajin na ƙarshe ya fi muhimmanci a wajenmu, domin yawancin abin da ake kallo a ƙasar Hausa ba a kan dandali yake tsayawa ba. Wa'azi, fim da wasan barkwanci suna yawo ta hannun masu turi, ta katin waya, ta Xender da Bluetooth. A wannan hanyar babu wanda zai auna ko ya sauke komai, yadda ka fitar da fayil haka zai shiga kunnen mutum. Fayil ɗin da aka shirya wa talabijin a -23 zai yi sanyi a ƙaramar waya ko an ƙure ƙara, don haka wanda zai kai shiri gidan talabijin ya kuma sake shi a waya sai ya fitar da kwafi biyu daga haɗi ɗaya. Ya tambayi gidan lambar da suke karɓa ya ba su ita, na waya kuma ya ɗaga shi zuwa -16 da `Limiter` a kan -1. Daidaiton da ke tsakanin guntayen iri ɗaya ne a kwafin biyu, babban maɓallin fita kaɗai ake juyawa.